Fitar da dashbod zuwa PDF ko silaid ba tare da ya lalace ba

Na haɗa dashbod, wato shafin jadawaloli da alƙaluma, a manhajar Power BI kan ƙananan hukumomin Kano 44. A kwamfuta lafiya lau, amma a PDF kusan rabinsu sun ɓace. Ina suka shiga?

Suna nan, a ƙarƙashin sandar da kake ja ƙasa. PDF takarda ce, ba a jan ta, don haka Power BI yana fitar da abin da ido ke gani a shafin ne kawai. Duk teburi ko jadawalin da ka ga sandar ja a gefensa, to ka san za a yanke shi.

Yi lissafi kafin ka fitar. Shafin Power BI na asali faɗinsa fikzel 1280 ne, tsayinsa 720. Ka raba 720 gida 44, kowane layi ya samu kusan fikzel 16, alhali ba a cire wurin kanun shafi ba. Rubutun da zai shiga nan sai mai kaifin ido. Ni dai na fi son a raba shi shafi biyu, 22 a kowanne, ko a miƙar da shafin tsaye.

Sunayen kuma suna fitowa da ɗige-ɗige, kamar “Dawakin…”

Wannan ya fi damuna, domin mai karatu ba zai san Dawakin Kudu ake nufi ba ko Dawakin Tofa, kuma ana iya yanke shawara a kan ƙaramar hukumar da ba ita ba. A kan allo kana ɗora manuni sunan ya bayyana cikakke. A takarda babu wannan.

Yawanci jadawali mai sanduna a tsaye ne ke jawo haka, saboda kowane suna faɗin sandarsa kaɗai ya samu. Mayar da shi Clustered bar chart, sandunan su kwanta, sunayen su jeru a hagu, sannan ka ƙara faɗin wurin sunayen a saitin Y-axis. Ka gwada da sunan da ya fi tsawo, kuma ka bar ɗan sarari bayansa. Sunan da ya shiga da ƙyar a kwamfutarka, a wata zai iya yankewa.

Na buga a A4, sai dashbod ɗin ya ƙanƙance, ga fili fari sama da ƙasa.

Siffar ce ba ɗaya ba. A4 a kwance milimita 297 ne da 210. Shafi mai siffar 16:9 idan ya cika faɗin 297, tsayinsa 167 kawai zai kai, saura 43 babu komai. Idan takarda za ka buga, shiga Canvas settings, zaɓi Custom, ka sa faɗi 1123 da tsayi 794, sai ka sake jera kayan. Idan PowerPoint za ka kai, bar shi a 16:9, domin silaid ɗin zamani siffarsa ke nan.

Abokin aikina ya buɗe silaid ɗin a wayarsa, rubutu ya goce, ƙ da ɗ sun bambanta da sauran haruffa.

Salon rubutun da ka zaɓa babu shi a na'urarsa, sai ta musanya da wani mai faɗi daban, layuka suka karye a wani wuri. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin matsala: wasu salon ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai a aro su daga wani salon su tsaya kamar baƙi a tsakiyar kalma. Rubuta Ɗambatta da Ƙiru ka gwada tun farko. A PowerPoint na Windows akwai Embed fonts in the file a ƙarƙashin File > Options > Save, sai dai ba kowace manhajar waya ke aiki da shi ba. Wanda karantawa kawai zai yi, aika masa PDF.

Me ke sa rubutun ya yi dishi-dishi?

Ya zama hoto. Idan ka ɗauki hoton allo mai faɗin fikzel 1280 ka shimfiɗa a silaid mai faɗin inci 13.33, kowane inci ya samu fikzel 96 kacal, ga shi bugu mai kyau yana son kusan 300. Buɗe fayil ɗin, ka ƙara girma zuwa kashi 400, ka gwada zaɓar kalma ɗaya. Idan ta zaɓu kuma gefen haruffan sumul yake, rubutu ne na gaske. Idan ta ƙi, hoto ne.

In dole sai hoto, ɗauke shi a babban allo, ka ajiye a PNG, domin JPEG yana ɓata gefen haruffa. Ka kuma kunna Do not compress images in file a File > Options > Advanced kafin ka adana. Idan ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin Document, don idan ka tura a matsayin hoto zai matse shi ƙananan lambobin su daina karantuwa.