Waiwaye: Yadda Saukar Farashi ke Ƙara wa Bashi Nauyi

A duk lokacin da hauhawar farashi ta lafa fiye da yadda aka zata, ana raba gari tsakanin masu murna da masu fargaba, kuma wannan muhawara ta daɗe. Daga 1929 zuwa 1933 farashin kaya a Amurka ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma adadin bashin da ke rubuce a takarda bai ragu ba. A 1933 masanin tattalin arziki Irving Fisher ya bayyana yadda abin ke gudana: waɗanda ake bi bashi suna karyar da kadarorinsu domin su biya, farashi ya ƙara faɗuwa, sauran bashin kuma ya ƙara nauyi.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne shekaru hamsin bayan haka, a lokacin da farashin kaya gaba ɗaya bai faɗi ba sam. Cikin shekarun 1970 manoman Amurka da dama sun ci bashi sun sayi gonaki, bisa tsammanin cewa farashi zai ci gaba da tashi har ya zaftare darajar bashin. Sai hauhawar ta sauko daga sama da kashi 13 cikin ɗari a 1980 zuwa kusan kashi 3 a 1983.

A ɗauki manomin da ya amince da kuɗin ruwa na kashi 15 a shekara, yana sa ran farashi, har da na amfanin gonarsa, zai tashi da kashi 12. A lissafinsa, ainihin ruwan da zai biya kashi 3 ne kacal. Idan farashin ya tashi da kashi 4 kawai, ainihin ruwan ya zama kashi 11, alhali ba a sauya ko harafi ɗaya a yarjejeniyar ba. Daga nan sai ya fasa sayen injin noma, ya rage hidimar gida, wataƙila ya sa wani ɓangare na gonar a kasuwa a daidai lokacin da maƙwabtansa ke yin haka. A jihar Iowa darajar gonaki ta faɗi da fiye da rabi zuwa 1986, ƙananan bankuna masu yawa da suka karɓi gonakin a matsayin jingina suka durƙushe. Raguwar cinikin hatsi a ƙasashen waje ta ƙara dagula lamarin, amma a ganina tushensa shi ne bashin da aka ɗaure da hasashen da bai tabbata ba.

Wani zai ce asarar wanda ake bi ai ribar mai bin bashi ce, saboda haka an yi kunnen doki. Sai dai wanda ya ci bashi yawanci mai kashe duk abin da ya samu ne, mai ba da bashi kuwa ya fi karkata ga ajiya, don haka idan dukiya ta koma hannunsa sai ciniki ya ragu. Idan kuma wanda ake bi ya karye gaba ɗaya, mai bin bashin ma ba ya samun kuɗinsa, bankin da ya ji jiki kuwa sai ya tsuke hannu har ga masu neman rance da ba su da wata matsala.