Aulu: idan kason magada ya fi ƙarfin dukiya

A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. An yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, abin da ya saura naira 2,700,000. Kowa a cikinsu Suratun Nisa'i ta yanke masa kasonsa. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, tunda mamacin ya bar 'ya'ya. 'Ya'yan biyu suna da biyu bisa uku. Uwa sudusi, wato ɗaya bisa shida, uba ma sudusi.

To, a ɗauki alƙalami. Tumuni ya kama 337,500, na 'ya'ya 1,800,000, iyaye kowanne 450,000. Jimla 3,037,500, kuɗin da ke ƙasa kuwa bai kai haka ba. A nan ake cutar wani ba da niyya ba: mai rabo ya fara sallamar waɗanda ke gabansa, giɓin duka ya faɗa kan wanda aka zo kansa a ƙarshe.

Maganin wannan shi malaman gado ke kira aulu. Asalin lissafin, wato adadin kashin da ake fara kasa dukiyar, 24 ne: mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Da aka haɗa sai ya ba da 27. Sai a bar 24 ɗin, a kasa dukiyar kashi 27, kowane kashi naira 100,000. Matar ta ɗauki 300,000, 'ya'yan 1,600,000 su raba daidai, uwa 400,000, uba 400,000. Kowa ya ragu gwargwadon kasonsa, kamar masu bin bashi da suka tarar dukiyar ba ta isa ba. Tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, kuma wannan ce mas'alar da ake kira Minbariyya, don an ruwaito cewa Sayyidina Ali yana kan mumbari aka tambaye shi ita.

An fara aiki da aulu a zamanin Sayyidina Umar. Ibn Abbas ya saɓa, amma mazhabobi huɗu duk a kansa suke. Asali uku kawai ke yin aulu: 6, 12 da 24. Kuma ba ya aukuwa idan mamaci ya bar ɗa namiji, don haka duk wanda ya ce muku an yi aulu alhali akwai ɗa, a sake duba lissafinsa.

Wani lokaci kuma ragowa ake samu, babu asaba, wato magajin da ke kwashe abin da ya saura bayan masu kaso sun ɗauki nasu, kamar wanda ya bar uwa da 'ya ɗaya kaɗai. Asalin mazhabar Malikiyya a kai ragowar baitulmali. Malamanta na baya sun yarda a mayar wa magadan idan babu tsayayyen baitulmali, shi ne raddi. A nan uwa ta tashi da kashi ɗaya cikin huɗu, 'yar da uku. Miji ko mata, a wurin mafi yawan malamai, ba a yi musu raddi.