Mene ne "burenstomin" a wajen mai yin bidiyo?

Masu koyar da harkar bidiyo a YouTube da TikTok suna yawan cewa "ka yi burenstomin". Kalmar Turanci ce, kuma abin da take nufi shi ne ka zauna ka zazzage duk wata dabara da ta zo maka a takarda, ba tare da ka tsaya tantance mai kyau da marar kyau ba. Wani mai sana'ar talla a birnin New York, Alex Osborn, shi ya yaɗa ta, musamman a littafinsa na 1953. Sharuɗɗansa biyu ne suka fi shafarmu: a nemi yawa tukuna, a bar suka sai daga baya. Shi don taron mutane ya tsara abin, amma wani bincike da aka yi a Jami'ar Yale a 1958 ya nuna cewa idan kowa ya zauna shi kaɗai aka haɗa abin da suka rubuta, ya fi na 'yan taro yawa. Saboda haka kai da bironka kun isa.

Inda mutane ke kuskuren fahimtar kalmar shi ne su ɗauka daga ka ake ƙago komai. Mai sana'a yana da rijiyoyi uku da zai ɗebo: abin da ake tambayarsa, abin da ake kawo masa kuka a kai, da kuskuren da yake gani da idonsa.

A ɗauki mai kiwon kajin gidan gona. Kukan da ya fi ji daga sababbin shiga shi ne: "Malam, tsakina suna ta mutuwa a satin farko." Wanda bai iya ba zai rubuta wannan a matsayin bidiyo ɗaya, ya yi minti ashirin yana zuba bayani. Wanda ya iya zai tambayi kansa: me da me ke jawo haka? Kowace amsa bidiyo ce mai zaman kanta. Akwai zafin ɗaki, wanda ake so ya kai digiri 32 zuwa 35 a satin farko, a riƙa rage kamar digiri 3 duk sati. Akwai yadda za ka gane yanayin ko ba ka da ma'auni: in sun cunkushe a gindin wuta sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Akwai hayaƙin gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina da leda. Akwai mazubin ruwa mai zurfi da tsako ke faɗawa, da jiƙaƙƙiyar dusar katako, da tsakin da suka sha doguwar tafiya a mota ba a fara ba su ruwa ba. Kuka ɗaya ya haifi bidiyo shida.

Rijiya ta uku ce na fi ba muhimmanci, domin ba wanda zai kawo maka ita. Mutum ba ya tambaya a kan abin da bai san yana yin sa ba daidai ba. Zai ce ya yi wa kajinsa rigakafin Gumboro da Lasota amma ciwo ya shiga. Sai ka je gonarsa ka tarar maganin ya wuni a aljihu ba ƙanƙara, ko an dama shi da ruwan famfo mai kulorin, ko ya yi awa biyar a mazubi alhali ana so su shanye cikin awa biyu. Irin wannan, mai gogewa ne kaɗai zai iya rubutawa, kuma shi ke bambanta bidiyonsa da na wanda ya kwafo.

A aikace, ka ware rabin awa, ka buɗe saƙonnin WhatsApp na watanni uku da suka wuce, ka kwashe duk tambaya da ƙorafi. Ka rubuta su da lafazin masu su. In mutum ya ce "kajina suna gyangyaɗi", kada ka mayar da shi sunan cuta, domin da wannan lafazin wani zai nema, kuma shi ne kan bidiyonka. Kada ka goge komai a zaman nan. Kashegari sai ka tace: abin da mutum uku ko fiye suka tambaya ya hau gaba, haka ma abin da za ka iya nunawa a kyamara, ba faɗa da baki kawai ba.

Abu biyu za ka kiyaye wajen tacewa. Mutum ɗaya mai yawan surutu yana iya sa ka zaci matsalarsa ta kowa ce, shi ya sa ake ƙirga masu tambaya, ba yawan saƙo ba. Sannan wasu tambayoyin ba na bidiyo ba ne. Wanda ya turo hoton mushen kaza yana neman sunan magani, amsarsa tana wajen likitan dabbobi. Abin da za ka iya ɗauka daga wurinsa shi ne bidiyo a kan alamomin da in an gan su a keji sai a daina gwaji a kira likita.