Kuɗin ko-ta-kwana: ma'anarsu, da abin da ya sa suke riga zuba jari

Idan Bahaushe ya ce yana cikin shirin ko-ta-kwana, yana nufin ya ɗaura ɗamara tun abin bai zo ba, duk sa'ar da ya zo ba zai same shi a sake ba. Daga nan aka samo kalmar da masu maganar tattalin kuɗi suke amfani da ita yanzu, wato kuɗin ko-ta-kwana, wasu kuma su ce asusun ko-ta-kwana. Kuɗi ne da mutum yake warewa gefe guda, ba don ciniki ba, ba don su haifi riba ba, sai don ranar da larura ta faɗo ba sallama: rashin lafiya, tsayawar albashi, sallama daga aiki, gobara, ko sace babur ɗin da ake zuwa aiki da shi. Ba a auna su da yawan naira. Da watanni ake auna su. Tambayar ita ce, idan albashi ya tsaya yau, wata nawa za ka ci abinci, ka biya haya, ka hau mota, ba tare da ka ci bashi ko ka sayar da kadara ba? Abin da aka fi ba da shawara shi ne wata 3 zuwa 6.

Mu a Zariya ba sai an kawo mana misali daga nesa ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye shi ba sai 14 ga Oktoba, kuma gwamnati ta riƙe albashin malaman na tsawon watanni. Aikin da kowa yake gani a matsayin mafi tabbas a garin nan, sai ga shi ƙarshen wata yana zuwa yana wucewa shiru. Duk wanda ya zauna a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, a lokacin ya san abin bai tsaya kan malamai ba, ya taɓa mai shago da mai abinci da ɗan acaɓa.

To me ya sa ake cewa matashin da ya fara ɗaukar albashi ya fara tara waɗannan kuɗin kafin ya sayi hannun jari, ko fili, ko hatsi, ko ragon kiwo? Dalilin guda ne a wurina, sauran duk rassansa ne. Kowane jari yana buƙatar lokaci kafin ya ba da riba, kuma ribar tana hannun wanda yake da ikon zaɓen ranar da zai sayar. Larura kuwa wannan ikon take fara ƙwacewa.

Bari mu bi misali da lissafinsa. Alƙaluman nan na ƙaddarawa ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ɗauka matashi ne da yake karɓar naira 150,000 a wata bayan an cire haraji da fansho, yana haya a Tudun Wada. Abinci yana cin 55,000, kuɗin mota 20,000. Hayar ɗakinsa 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata. Wuta da ruwa da katin waya 12,000, abin da yake kai wa iyaye 13,000. Jimilla 120,000, saura 30,000. Wannan 120,000 ita ce ma'auninsa na wata ɗaya, ba albashin gaba ɗaya ba, domin abin da ba makawa sai an kashe shi kaɗai ake ƙirgawa. Wata 3 ke nan 360,000.

Sai ya kwashi adashi, 300,000 suka shigo hannunsa a watan Nuwamba, daidai kaka. Abokai suka ce masa, “Malam, kada ka bari kuɗin nan su zauna, sayi masara ka ajiye.” Shawarar ba ta banza ba ce, mutane da yawa sun ci riba da ita. Ya sayi buhu 6 a kan 46,000 kowanne, ya kashe 24,000 a dako da maganin ƙwari da wurin ajiya. Kowane buhu ya tsaya masa 50,000. Fatansa idan damina ta faɗi, hatsi ya yi ƙaranci, ya sayar a 65,000, ya ci ribar 90,000.

A watan Janairu aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ana neman 200,000 cikin kwana biyu. Kasuwa har yanzu cike take da masara, farashi bai motsa ba. Dillali kuma da ganin idon mutum ya san a matse yake. Ya yi tayin 43,000, ba yadda za a yi, aka sallama buhu 5 a kan 215,000. Abin da ya tsaya masa 250,000 ne, ya faɗi 35,000 ke nan, ga kuma ribar 75,000 da yake sa rai daga buhunan nan biyar ta bi ruwa. Lura da cewa hasashensa kan masara bai yi kuskure ba. Wataƙila ma a watan Yuli farashin ya kai inda ya zata. Amma ba shi ne zai ci ribar ba, wanda ya saya a hannunsa ne.

Da fili ya sa wa kuɗin, da abin ya fi haka tsanani, domin fili ba ya sayuwa a kwana biyu sai da ragi mai ciwo. Da ragon layya ne, a tsakiyar kiwo zai fitar da shi, bai yi ƙiba ba, kasuwarsa ba ta zo ba. Hannun jari yana sayuwa da sauri, amma a farashin ranar, ko ya hau ko ya faɗi.

Ɗaya ƙofar da ta rage masa ita ce bashi. Manhajojin ba da rance na waya suna turo kuɗi cikin mintuna, shi ya sa matasa suke faɗawa. A ƙaddara ruwan kashi 15 cikin 100 ne a wata: a kan 200,000 zai riƙa biyan 30,000 duk wata, daidai da duk rarar albashinsa, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta ragu ba. Babu wani jari na halal da zai riƙa ba shi ribar da za ta cike wannan ramin. Ga wanda yake gudun kuɗin ruwa saboda addininsa, wannan ma ya ishe shi dalili. Mutane da yawa ba da son ransu suka shiga riba ba, larura ce ta same su hannu wayam.

Akwai ƙorafin da na san za a yi, kuma gaskiya ne: kuɗin da aka ajiye a Najeriya narkewa suke yi. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100, ma'ana kayan da aka saya 100,000 shekara guda kafin nan sai an ba da kusan 135,000. Ba zan ce wa kowa wannan ƙaramar asara ba ce. Sai dai ina kallonta kamar tayar safaya a bayan mota: ta ci kuɗi, tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, amma direban da ya san hanyar Zariya zuwa Kano ba ya tashi babu ita. Abin da hauhawar farashi take koya mana shi ne kada a tara fiye da ƙima, kuma a riƙa sabunta lissafi. Idan kuɗin mota ya ninka, kamar yadda muka gani bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ma'aunin wata ɗaya ya canja, sai a ƙara a kan ajiyar. Idan ta kai wata 3 ko 6, a tsaya haka nan, duk abin da ya biyo baya ya tafi jari.

Da rarar 30,000, matashin namu zai kai 360,000 a wata 12. Shekara guda tana da tsawo ga mai ɗokin fara juya kuɗi, don haka ya fara sa wa kansa burin wata ɗaya, 120,000, wanda zai cika a wata 4. Ya riƙa cirewa ranar da albashi ya shigo, domin abin da aka bari sai ƙarshen wata ba a samunsa. Da kuɗin adashin nan ya zuba a ciki tun farko, da wata 2 kacal suka rage masa ya cika.

Wurin ajiya kuma sharaɗinsa biyu ne: a iya ɗauko kuɗin cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma adadinsu kada ya ragu. Asusun ajiya na daban, a bankin da ba shi ne na albashi ba, kuma ba tare da katin cire kuɗi a aljihu ba, ya wadatar. Mai gudun ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ. A tabbata bankin yana ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC, wadda tun 2024 take lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankunan kasuwanci. Ɗan tsabar kuɗi na 'yan kwanaki a gida ma yana da amfani. Wanda ya sha layin banki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Adashi hanyar tara kuɗi ce mai kyau, amma ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce, saboda kwasa tana bin layi, ciwo kuwa bai san layi ba. Haka kuɗin fansho. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki ya ɗauki kashi 25 cikin 100 na abin da yake asusunsa, amma sai ya yi wata 4 bai samu wani aikin ba. Waɗannan watanni huɗun da me zai rayu?

Inda aka fi samun matsala ba wajen tarawa ba ne, wajen tantance abin da ya cancanci a kira larura ne. Kuɗin haya ba larura ba ne, tun ranar da ka shiga ɗakin ka san ranar biya. Ɗinkin Sallah, gudummawar biki, sabuwar waya, duk an san da zuwansu ko kuma za su iya jira, sai a yi musu tanadinsu daban. Abin da ya cancanta shi ne wanda ya zo ba zato, ya zama dole, kuma ba ya jiran ƙarshen wata. Matashi mai albashi a gidan yawa yana da wani nauyin kuma, domin da zarar an san yana da ajiya, buƙatun kowa za su nufo shi. Ra'ayina shi ne ya sa taimakon dangi cikin lissafinsa na wata-wata, kamar 13,000 ɗin nan, ajiyar kuma ya riƙe sirrinta, domin ranar da babbar larura ta sami gidan su ma ita za ta cece su.

Wannan shawarar ta yawanci ce, ba ta kullum ba. Wanda bashi mai ruwa yake wuyansa, ya tara ɗan abin wata ɗaya kawai, sauran ƙarfinsa ya sa wajen sauke bashin, don bashin ya fi cin kuɗi da sauri. Wanda yake zaune gidan iyaye, ba haya, ba iyali, wata 2 ko 3 za su iya isarsa. Mai aiki a makaranta ko kamfani mai zaman kansa inda albashi yakan yi jinkiri, ko wanda ya yi aure ana sa ran haihuwa, shi ya nufi wata 6. Idan kuma an taɓa ajiyar don larura ta gaskiya, to ta yi aikinta, sai a dakatar da sayen sabon jari, rarar wata ta koma cike gurbin abin da aka ɗiba har ya dawo yadda yake.