Awara a cikin rubutu: me ya sa ƙ da ɗ suke komawa akwati ko alamar tambaya?

Masu harkar kwamfuta suna da suna na musamman ga ɗan akwatin nan da ke tsayawa a gurbin harafi, mai kusurwa huɗu, cikinsa fayau. Suna ce masa `tofu`, wato abin da mu muke kira awara, don ya yi kama da yankanta kafin a jefa a mai. Duk mai rubuta Hausa da ƙugiyoyinta ya taɓa cin wannan awarar. Ka rubuta "ƙasa", ka aika, mutum ya buɗe ya ga akwati da "asa" a bayansa.

Sai dai mutane suna haɗa cuta uku su kira su da suna ɗaya, alhali maganinsu daban ne, ɗaya daga ciki ma ba ta da magani. Na ga duka ukun a yini guda, a wani shagon buga takardu da ke Tudun Wada a nan Kaduna, lokacin da islamiyyar unguwarmu take shirin walimar sauka. An ba ni jerin sunayen ɗalibai da takardar gayyata in kai a buga.

Kafin labarin, sai an san abu ɗaya. Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Akwai babban kundi na duniya mai suna `Unicode`, wanda ya fara fitowa a 1991, da ya ba kowane harafi lambarsa. Babban A lambarsa 65. Ƙaramin ƙ lambarsa 409, ana rubuta ta `U+0199`. Na ɗ `U+0257`, na ɓ `U+0253`. To tsakanin wannan lamba da idonka akwai matakai biyu. Na farko shi ne yadda ake zuba lambar cikin fayil da yadda ake karanto ta, abin da allo yake kira `Encoding`. Na biyu shi ne zanen da za a nuna idan an karanto lambar, wato salon rubutu, abin da allo yake kira `Font`. Kowanne na iya lalacewa ba tare da ɗayan ba.

Takardar gayyata ce ta fara. Yaron shagon ya sa mata wani salo mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, ya fitar da gwaji, sai ga akwati a duk inda ƙ ko ɗ take. "Alƙur'ani" ma bai tsira ba.

"Yallaɓai, ai fayil ɗin ne ya lalace," in ji shi. "Sai dai mu mayar da su k da d kawai."

Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Salon rubutu tamkar akwatin hatimi ne: wanda ya ƙera shi ya sassaƙa wa kowace lamba zanenta. Mai wannan salon ya sassaƙa na Turanci da na wasu harsunan Turai ya tsaya. Da kwamfuta ta zo kan 409 ta laluba ba ta samu ba, sai ta buga hatimin da aka tanada don "babu", shi ne akwatin. Harafin yana nan daram a ƙarƙashi, fuska ce kawai ba shi da ita. Gwajin ba wuya: ka kwafi akwatin ka liƙa shi a wani wuri, ko ka zaɓi rubutun ka sauya salo. Idan ƙ ta bayyana, ka gano cutar. A cikin `Word` ma kana iya ajiye alamar rubutu a bayan akwatin ka danna `Alt+X`, zai nuna maka `0199`.

Wani zai ce, to me ya sa a wayata ban cika ganin haka ba? Saboda waya da manhajar shiga intanet suna da dabara: idan salon da aka zaɓa ba shi da harafi, sai su aro daga wani. Shi ya sa wani lokaci kake ganin ƙ ta fi 'yan'uwanta siranta ko tsawo a tsakiyar kalma, kamar baƙo a layin sallah. Wannan ma alama ce ta salon da bai cika ba, an dai rufa masa asiri ne. Akwati yana fitowa ne idan babu inda za a aro, ko manhajar ba ta iya aro ba, kuma wasu manhajojin zanen kati da allon talla haka suke.

Maganin shi ne salon da ya san haruffanmu. `Noto Sans` da `Noto Serif` na Google suna da su, sunan ma daga "babu tofu" aka ciro shi. `Charis SIL` da `Andika` ma haka, kuma duk kyauta ne. Masu ajami da ke son hannu irin na allo akwai `Alkalami`, wanda aka zana bisa rubutun Kano. Mu dai muka bar kwalliyar ga adon gefe, muka sa rubutun a salon da ya cika. Wani abu kuma: salo yana zaune ne a kwamfutar da aka sa shi, ba ya bin fayil a filas. In za ka kai aiki shago, mayar da shi `PDF` tun daga gida ka duba da idonka, domin shi yakan tafi da zanen haruffan a cikinsa.

Jerin sunayen ne ya fi ba da wahala. Malamin da ya tattara su ya fitar da su a fayil na `CSV`, wato jeri na rubutu zalla da waƙafi yake raba bayanansa. Yaron ya danna sau biyu, `Excel` ya buɗe, sai ga wannan:

```
ƙasa    Æ™asa
ɗalibi  É—alibi
ɓera    É“era
₦500    â‚¦500
```

Na hagu shi ne abin da ake nufi, na dama shi ne irin abin da muka gani. Wannan ba awara ba ce. Sunanta `mojibake`, kalmar Japananci, don su ma sun sha fama da ita. Sauya salo sau ɗari ba zai taɓa ta ba, domin matsalar tun wajen karanto lamba take.

Ga yadda abin yake faruwa. Fayil jerin ƙananan ma'aunai ne da ake kira bayit, kowanne yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255 kawai. Harafin A da 65 ɗinsa ya shiga bayit ɗaya. Amma 409 ta fi ƙarfin bayit ɗaya, don haka tsarin `UTF-8`, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma mafi yawan intanet ke kansa yau, yana raba ta gida biyu: 198 da 153. Mai karatu da ya san `UTF-8` yana ganin 198 ya san cewa wannan rabi ne, ya haɗa da na gaba ya fitar da ƙ. Amma akwai tsohon tsari, `Windows-1252`, wanda `Windows` yake kira `ANSI`, da ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. A wurinsa 198 ita ce `Æ`, 153 kuma `™`. Harafi ɗaya ya zama biyu. Alamar naira bayit uku take ci, shi ya sa ta fashe gida uku. Da zarar ka ga `Æ` ko `É` a inda ƙugiya ya kamata ta kasance, alhali sauran haruffa lafiya, ka san an rubuta da sabon tsari an karanta da tsoho.

Fayil na `CSV` sau da yawa ba ya faɗin tsarin da aka rubuta shi da shi, sai manhaja ta yi hasashe, kuma in an danna sau biyu `Excel` yakan hasaso tsohon. Gyaran shi ne a rufe ba tare da an adana ba, a buɗe sabon shafi, a bi `Data`, sai `From Text/CSV`, a wajen `File Origin` a zaɓi `65001: Unicode (UTF-8)`. Sunaye suna dawowa nan take, don ba abin da ya taɓa bayit ɗin.

Mun gyara, mun ƙara sunaye biyu da aka manta, sai na fita sallar la'asar. Kafin in dawo yaron ya adana aikin a kan fayil ɗin da ke filas, ya zaɓi `CSV (Comma delimited)`. Da muka sake buɗewa, duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma alamar tambaya: `?asa`, `?alibi`.

Wannan ce ta ukun, kuma ita ce mai kisa. Wancan zaɓin yana adanawa da tsohon tsari, tsohon tsari kuwa gurbi 256 gare shi, babu na ƙ a ciki. Da manhaja ta rasa inda za ta sa 409, sai ta jefar da ita ta rubuta 63, lambar alamar tambaya ta gaske. Yanzu ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama abu ɗaya a cikin fayil, ba salo ko dabarar buɗewa da za ta iya rarrabe su. In ka kwafi alamar ka liƙa a ko'ina, alamar tambaya za ta ci gaba da zama. Kalma kamar `?asa` mai jin Hausa zai cike ta da ka, amma suna fa? `?an` da `?ar` ka iya, sunan ƙauyen da ba ka taɓa ji ba kuwa sai ka tambayi mai shi. Abin da ya cece mu, malamin bai goge asalin fayil ɗin daga wayarsa ba. Ya sake turowa, muka maimaita, wannan karon aka zaɓi `CSV UTF-8 (Comma delimited)`. A ganina ma, in aikin a `Excel` zai zauna, a adana shi `.xlsx` a huta.

Akwai 'yar'uwarta, alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u, `�`. Ita akasin ta biyu ce: an karanta fayil a matsayin `UTF-8` sai aka ci karo da bayit ɗin da bai dace da ƙa'idar ba, galibi don da tsohon tsari aka rubuta shi. Muddin ba a adana a kai ba, ana iya sake buɗewa da tsarin da ya dace. In an adana, ta bi sahun waccan.

Saura wani gado da masu tsofaffin kundayen digiri da rubutun jarida suka sani. Kafin haruffanmu su samu shiga ko'ina, an yi salon rubutu na Hausa da suka yi wayo: suka ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata suka zana ƙugiya a kai. Ka danna `}` allo ya nuna ƙ, ko ka danna `q`, `x` da `v` su fito ƙ, ɗ da ɓ. Ya yi aiki a zamaninsa, amma abin da ke cikin fayil ɗin `}` ne, ba ƙ ba. Ranar da aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da wannan salon, sai ka ga `}asa`. Irin wannan bai mutu ba, domin kowace alama tana tsaye a madadin harafi ɗaya tak. Da `Find and Replace` ake bi, a mayar da kowace zuwa harafinta na `Unicode`, babba daban ƙarami daban, a sa alama a `Match case`. A yi shi a kan kwafi, kuma a lura da kalmomin Turanci da ke cikin kundin, in ba haka ba duk `v` da ke cikinsu za ta tashi da ƙugiya.