Ɓacewar maɓallin LIVE a asusun TikTok mai takunkumi

Ɓacewar maɓallin LIVE yanayi ne da mai asusun TikTok ke buɗe shafin ɗaukar bidiyo, ya tarar babu zaɓin watsa shiri kai-tsaye, alhali a da yana gani. A bisa tsari, idan aka danna alamar + da ke ƙasan allo, kalmar LIVE tana cikin jerin zaɓuɓɓukan da ake ja gefe, daga nan a kai ga maɓallin Go LIVE. Maɓallin ba abu ba ne da ke zaune a waya dindindin. Manhajar tana nuna shi ne idan na'urorin kamfanin sun tabbatar cewa asusun yana da izini a wannan lokacin. Shi ya sa goge manhajar a sake saukewa, ko canza waya, ba ya dawo da shi idan takunkumi ne ya ɗauke shi: hukuncin yana kan asusu ne, duk inda aka shiga da shi zai bi shi.

Tarihin sharuɗɗan

Watsa shiri kai-tsaye ya girmi TikTok ɗin da aka sani a yau. Manhajar Musical.ly ta fito da wata ƙanwarta mai suna Live.ly wajen 2016. Kamfanin ByteDance ya sayi Musical.ly a ƙarshen 2017, ya haɗe ta da TikTok a watan Agustan 2018, tsarin watsa shirin ya koma cikin manhaja guda.

Tun daga nan ƙofar take ta ƙara ƙunci. Da farko ɗan shekara 16 yana iya watsa shiri. A ƙarshen 2019 aka ce sai mai shekara 18 zai aika ko ya karɓi kyaututtukan da ake mayarwa kuɗi. Daga 23 ga Nuwamban 2022 kuma, watsa shirin kansa ya koma na 'yan shekara 18 zuwa sama. An sanar da wannan ne kwanaki kaɗan bayan wani binciken BBC ya nuna yara a sansanonin gudun hijira na Siriya suna shafe sa'o'i a gaban kyamara suna roƙon kyaututtuka. Akwai kuma sharaɗin yawan mabiya, wanda aka fi sani da 1,000, ko da yake adadin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Tsarin hukunci ma ya canza sau biyu. A tsakiyar 2021 kamfanin ya bayyana matakai: gargaɗi a karon farko, sai dakatar da wallafa bidiyo ko sharhi na awa 24 ko 48, sai mayar da asusu na kallo kawai na awa 72 har zuwa mako guda, sannan rufewa gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2023 ya koma tsarin maki. Duk laifin da aka tabbatar ana rubuta wa asusun maki ɗaya, kuma ana ƙirgawa ta fuska biyu: dokar da aka karya, da ɓangaren manhajar da aka karya ta a ciki. Wannan rabon ne ya sa mutum zai iya ci gaba da wallafa bidiyo da yin sharhi lafiya lau, LIVE ɗinsa kaɗai a rufe. Makin yana faɗuwa bayan kwana 90. Manyan laifuka, irin su cin zarafin yara ko barazanar kisa, ba sa jiran taruwar maki.

Takunkumi iri biyu da ake rikitawa

Na farko shi ne na hukunci, wanda kamfanin ke ɗorawa. Alamarsa ita ce saƙo a Inbox, ƙarƙashin System notifications, mai faɗin dokar da aka karya da, galibi, ranar da takunkumin zai ƙare. Ana kuma iya duba matsayin asusu a shafin Account status ko Account check, sunan ya danganta da zubin manhajar. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne tsiraici, zagi da cin mutunci, caca, roƙon kyauta ta hanyar yaudara, kunna tsohon bidiyo a ce kai-tsaye ne, da barin yaro shi kaɗai a gaban kyamara. Mai shiri yana ɗaukar alhakin abin da ya faru a shirinsa, har da wanda baƙon da ya hawar ya aikata.

Na biyu ba hukunci ba ne ko kaɗan. Saiti ne mai suna Restricted Mode, a ƙarƙashin Settings and privacy, sashen Content preferences. An yi shi ne don tace bidiyon da bai dace da yara ba, amma idan yana kunne yana rufe wasu abubuwa, ciki har da watsa shiri. Mai waya ne ke kunna shi da lambar sirri, ko iyaye daga tasu wayar ta tsarin Family Pairing da aka fito da shi a 2020. A nan babu saƙon laifi, babu ranar ƙarewa, kuma ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ne. Sai an kashe saitin. A gidan da ake karɓa-karɓar waya, wannan ya kamata a fara dubawa.

Misali

A ɗauki wata mai sayar da atamfa da leshi, mabiyanta sun haura 4,000, tana tallar kaya kai-tsaye kowace yamma. Ranar 3 ga Maris ta tashi ɗauko kaya a ɗaki, ta bar 'yarta mai shekara 9 tana gaisawa da masu kallo. Shirin ya yanke. Washegari babu LIVE a jerin, amma bidiyon da ta ɗora ya hau ba matsala. Wannan kaɗai ya nuna ba asusun duka aka taɓa ba.

A ce saƙon ya nuna takunkumin zai ƙare ranar 10 ga Maris. Agogo biyu ne ke tafiya. Na farko kwana 7 ne, bayansa maɓallin zai dawo da kansa. Na biyu kwana 90 ne na makin, wanda sai 1 ga Yuni zai faɗi. Tsakanin ranakun nan maɓallin yana nan, amma wani laifin zai hau kan na baya ne, hukuncinsa kuma yana iya fin na farko tsanani. Mutane da yawa suna ganin dawowar maɓalli su ɗauka an wanke su.

Akwai wata hanya da lamarin zai iya bi. Idan aka zaci yarinyar ce mai asusun, abin ya tashi daga laifi ya koma shakkar shekaru, kuma wannan ba ya ƙarewa da jira. Sai uwar ta tabbatar da shekarunta, misali da hoton katin shaida haɗe da hoton fuskarta.

Ɗaukaka ƙara

Ana yi ne daga cikin saƙon hukuncin, ta maɓallin Appeal. Idan an amince, ana cire makin. Goge abin da ya jawo hukuncin ba ya cire shi. Buɗe sabon asusu don kauce wa takunkumi laifi ne na daban, wanda zai iya jawo a rufe sabon. Masu karɓar kuɗi da alkawarin buɗe LIVE ba su da iko a kan hukuncin, kuma galibi kalmar sirri suke nema.

Sauran dalilai

Raguwar mabiya ƙasa da ƙa'ida, ko tsohon zubin manhaja, na iya ɗauke maɓallin ba tare da wani hukunci ba. Akwai kuma takunkumin da ya shafi ƙasa baki ɗaya: wajen Disamban 2025 TikTok ya taƙaita watsa shiri cikin dare a Najeriya na wani lokaci, abin da ya shafi mai laifi da marar laifi.

Taƙaddama

Masu shirye-shirye suna ƙorafin cewa rahoton taron dangi daga abokan hamayya na sa a rufe musu LIVE. Kamfanin ya ce yawan rahoto ba shi ke yanke hukunci ba, abin da aka gani a shirin ne. Wasu kuma suna zargin cewa tsarin da kamfanin ke tace shirye-shirye da shi ba ya fahimtar harsunan Afirka yadda ya kamata.