Kuɗin ruwa ko yawan kuɗi: wanne babban banki zai riƙe?

Babban banki ba ya iya riƙe kuɗin ruwa da yawan kuɗin da ke yawo a lokaci guda, dole ya kama ɗaya ya saki ɗaya. Kamar mai hatsi ne da shi kaɗai ke da kaya a kasuwa, in ya yanke farashi to masu saye ne za su yanke buhu nawa zai fita, in kuma ya ce buhu ɗari kawai zai fitar to farashi ya kama gabansa.

Wani masani mai suna William Poole ya warware yadda za a zaɓa tun 1970. Ya ce a duba daga ina rikicin yake tasowa. In daga son riƙe kuɗi ne, wato yau mutane na son tara kuɗi a hannu ko a akawun gobe sun fasa, to kuɗin ruwa za a riƙe. In kuma daga kashe kuɗi ne, gwamnati ta buɗe bakin aljihu ko 'yan kasuwa sun ruga cin bashi, riƙe yawan kuɗi ya fi.

Bari mu buga lissafi. A ce kuɗin da ke yawo tiriliyan 100 ne, babban banki ya ce bana ba zai wuce 105 ba. Sai bankuna suka fito da sabon akawun mai daɗi, mutane suka so riƙe 110, ba wai don su yi sayayya ba, ajiya kawai. Biyar ɗin da babu fa? Bankuna za su shiga wawar kuɗi, ruwa ya tashi, mai masana'anta ya fasa cin bashi ya sallami ma'aikata, alhali ba wani hauhawar farashi da ya taso. In da kuɗin ruwa aka riƙe, babban banki zai zuba biyar ɗin, su kwanta a akawun, shi kenan ba wanda ya ji a jikinsa.

Amurka ta ga wannan da idonta. Ranar 6 ga Oktoba 1979 babban bankinsu ƙarƙashin Paul Volcker ya koma sa ido kan yawan kuɗi don ya karya hauhawar farashi, ya bar ruwa ya yi yadda ya so. Ya ko yi. Ruwan da bankuna ke ba juna bashi a kansa ya doshi kashi 20 cikin 100, ya faɗo wajen 9 a tsakiyar 1980, ya sake hawa. Ana cikin haka doka ta ba da damar buɗe akawun na cek mai biyan ruwa a duk ƙasar daga farkon 1981, mutane suka kwashe ajiyarsu suka zuba ciki, shi kuma wannan akawun ana ƙirga shi cikin ma'aunin yawan kuɗi da ake kira M1, to M1 ya kumbura kamar ana ta facaka da kuɗi alhali kasuwa a mace take, rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982. A Oktoban 1982 suka rage dogaro da M1, a 1987 suka daina sa masa iyaka gaba ɗaya.

Yaya ake gane cewa son riƙe kuɗi ne ya rikice? A raba darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara da yawan kuɗi, abin da ya fito shi ne saurin juyawar kuɗi. A Amurka shekara da shekaru yana ƙaruwa da wajen kashi 3, sai a 1982 ya faɗi. Kuɗi sun yi yawa amma ciniki da farashi ba su bi su ba, to ma'aunin ya daina faɗin gaskiya. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana lokacin canjin naira farkon 2023, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa da POS, wanda ya samu takarda ya ƙanƙame. A irin wannan hali adadin tsabar kuɗi ba zai gaya maka inda farashi ya dosa ba.

Amma fa riƙe kuɗin ruwa ba yana nufin a kafe shi wuri ɗaya ba, nan ne ni na fi jin tsoro. In ruwa na kashi 12 farashi kuma na hawa da 20, mai cin bashi riba yake ci, kowa zai ruga, banki kuma dole ya yi ta zuba kuɗi don ruwan ya tsaya a 12, wutar ta ƙara ruruwa. Don haka in hauhawar farashi ya ƙaru da maki ɗaya, sai an ɗaga ruwa fiye da maki ɗaya. CBN na da wannan makami, MPR, wato kuɗin ruwan da yake yankewa ya sanar, tun Disamban 2006, kuma duk zaman kwamitinsa abin da ya kamata ka duba shi ne ko adadin da suka sanar ya haura hauhawar farashi ko yana ƙasa da shi.